Haruffa Masu Harshen Damo a Fayil ɗin Majiyyaci

Idan likita ya rubuta 6/12 a fayil ɗin majiyyaci a asibitocin Nijeriya, ɗaya daga cikin abu uku yake nufi. In lambar ta zo kusa da bayanin tari ko ciwon ƙafa, to ciwon ya yi wata shida ke nan, domin 12 ɗin watannin shekara ne, kamar yadda 3/7 ke nufin kwana uku, 2/52 kuma mako biyu. In a sashen ido aka rubuta, sakamakon gwajin gani ne: mutumin sai ya matso nisan mita 6 yake karanta abin da mai lafiyar ido ke karantawa daga mita 12. In kuwa a saman shafi take, ranar 6 ga Disamba ce kawai. Likitan da ya rubuta ya san wanda yake nufi. Wanda zai karanta bayan wata uku, a wani gari, daga kwafin da ya dusashe, shi ne ke cikin aiki.

Ba don su ɓoye wa jama'a wani abu likitoci ke irin wannan rubutu ba, ko da yake mutane da yawa haka suka ɗauka. Likitan da layin marasa lafiya ke jiransa tun daga bakin ƙofa har ƙarƙashin bishiya ba zai rubuta "a sha sau uku a rana har kwana biyar" ga kowa ba, alhali tds 5/7 ta isar. Wasu gajarce-gajarcen gadon Latin ne da muka karɓa ta hannun Ingila: od sau ɗaya a rana, bd sau biyu, tds sau uku, qds sau huɗu, prn idan buƙata ta taso, stat nan take. Wasu kuma haruffan farko ne na sunayen cututtuka da gwaje-gwaje a Turanci. Akwai kuma waɗanda aka ƙirƙira a cikin sashe ɗaya na asibiti ɗaya, aka yi ta gadon su daga babban likita zuwa ƙanana, ba su cikin kowane littafi.

Muddin fayil ɗin yana hannun mutanen da suka saba da juna, abin yana tafiya. Amma yanzu rubutun likita yana yawo. Ana kwashe tsofaffin fayiloli ana shigarwa a kwamfuta. Ana cika takardun inshorar lafiya daga gare su. Ana tura majiyyaci daga asibitin ƙaramar hukuma zuwa asibitin koyarwa da takarda a hannunsa. A duk waɗannan wurare akwai mutumin da zai zauna ya warware taƙaitaccen rubutun ya mayar da shi cikakkun kalmomi: ma'aikacin sashen rikod, ko ƙaramin likita mai rubuta takardar sallama, ko mai ba da magani a famasi, ko yarinyar da aka ɗauka aikin shigar da bayanai. Aikin nan yana da ƙa'ida guda da komai ya rataya a kanta. Mai warwarewa ba marubuci ba ne. Ba shi da izinin ƙara ko rage ma'ana, kuma inda rubutu ya yi harshen damo, ba shi ne zai zaɓa ba.

Ga yadda abin yake a aikace. A ɗauka wata mata ta kwana biyu a babban asibitin wani gari, likita kuma ya taƙaita labarinta a shafin ƙarshe kamar haka. Misalin na ƙirƙira ne, amma duk abin da ke cikinsa rubutu ne na yau da kullum a asibitocinmu.

```
34yr F, P4+1, known RVD on TLD
c/o fever 3/7, LAP 1/52
O/E: °pallor, °jaundice, T 38.4, BP 110/70
MP +
Δ malaria, ?PID, R/O UTI
Tab AL 80/480 bd 3/7
D/C CTX
TCA 2/52
```

Abu na farko, tun kafin a taɓa harafi ɗaya: wannan rubutu na asali ba a goge shi, ba a gyara shi, ba a rubuta komai a kansa. Takarda ce da kotu ko kwamitin bincike zai iya nema wata rana. Warwararren rubutu kwafi ne da ake ajiyewa a gefensa, da sunan wanda ya yi da ranar da ya yi, yadda duk mai shakka zai iya komawa ya gwada biyun. Ko shi likitan da ya rubuta, in ya ga kuskure, layi ɗaya yake ja a kai yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, ya rubuta gyaran, ya sa hannu da kwanan wata.

Daga nan sai a bi rubutun layi-layi. Wasu abubuwan ba su da gardama. Mace ce mai shekara 34. Alamar c/o tana gabatar da abin da ta zo da kukansa, O/E kuma abin da likita ya gani da ya duba ta. Zazzaɓi na kwana uku, zafin jiki 38.4, awon jini 110/70. P4+1 na nufin ta haihu sau huɗu, ciki ɗaya kuma ya zube kafin ya isa haihuwa. A nan ma akwai tarko ƙarami: rubutun bai ce 'ya'yanta huɗu suna raye ba, bai kuma ce ɓarin da kansa ya zo ko wani dalili ne ya jawo shi ba. Wanda ya rubuta "tana da 'ya'ya huɗu" ya faɗi abin da likita bai faɗa ba. A lura kuma da cewa karan nan da ke raba lambobi ya fito da aiki uku daban a shafi ɗaya. A 3/7 tsawon lokaci ne, a 110/70 awon jini ne, a 80/480 kuwa ƙarfin sinadarai biyu ne da ke cikin ƙwayar maganin maleriya guda. Ido ya saba da bambanta su. Kwamfutar da aka ba umarnin ta mayar da duk lamba mai kara zuwa kwanan wata ba ta san wannan ba, kuma manhajojin lissafi irin na ofis suna yin hakan da kansu ba tare da an tambaye su ba. Wanda ya buga 3/7 a irin wannan manhaja yana iya ɗaga kai ya tarar ta zama ranar wani wata.

Sai rukuni na biyu, waɗanda ke da ma'ana fiye da ɗaya amma maƙwabtansu a shafin suna raba gardama. LAP a nan tana iya zama ciwon mara, tana iya zama kumburin kaluluwa, a sashen tiyata kuma tana nufin aikin buɗe ciki. Ga mai irin ciwon wannan mata kaluluwa ba abin mamaki ba ce, don haka ba za a yi saurin watsar da ita ba. Amma haruffan sun zo a layin abin da majiyyaciya ta faɗa da bakinta, kuma a ƙasa likita yana zargin PID da cutar mafitsara, waɗanda dukansu ciwon mara ke rakiya. Ita ma PID ɗin a wajen likitan ƙashi zamewar faifan gadon baya ce, amma ga mace mai zazzaɓi da ciwon mara, ciwon sanyin da ya hau mahaifa da bututunta ne. Kowace ta zama shaidar 'yar'uwarta. A irin wannan hali ana warwarewa, sai dai a bar haruffan asali a gefen cikakkiyar kalmar, domin mai karatu ya ga cewa fahimta aka yi, ba kwafa ba. TCA ma haka take. A littafin magunguna sunan wani rukunin maganin ciwon damuwa ne, amma a ƙarshen shafi, gaba da 2/52, cewa ake ta dawo bayan mako biyu.

A ganina, inda aka fi yin ɓarna ba a manyan haruffa ba ne, a ƙananan alamomi ne da ido ke tsallakewa. Dubi ɗan zoben nan da ke gaban kalmomi biyu a layi na uku. Ma'anarsa "babu". Likita yana cewa matar ba ta ɗashe ba, kuma babu shawara a idonta. Ɗigo ne da bai fi ƙwayar gero ba, injin kwafi yana iya cinye shi, mai buga rubutu kuma yana iya ɗauka tabon biro ne. Da zarar ya faɗi, maganar ta juye gaba ɗaya: matar da ba ta da alamar ƙarancin jini ko shawara ta zama mai duka biyun a rikod. Ga mai maleriya wannan ba ƙaramin sauyi ba ne, domin waɗannan alamu suna cikin abin da likita ke dubawa in yana tsoron cutar ta yi tsanani.

Alamar tambaya da ke gaban PID ita ma magana ce cikakkiya. Likita bai ce matar tana da wannan ciwo ba, cewa ya yi yana zargi. In aka jefar da alamar wajen tsabtace rubutu, zargi ya zama hukunci, kuma irin wannan hukunci yana da wuyar fita daga fayil. Likita na gaba zai kwafe shi a tarihin cututtukanta, na gabansa ma haka, har ranar da ta zo neman haihuwa a ce ai dama ta taɓa ciwon da ke toshe bututun mahaifa. R/O kuma ta fi haɗari, domin a bakin mafi yawan likitoci tana nufin "a bincika a tabbatar ba wannan ba ne", wato aikin yana gaba, amma akwai masu karanta ta a matsayin "an bincika, ba shi ba ne". Tsakanin biyun akwai gwajin fitsarin da ko an yi ko ba a yi ba. Mai warwarewa ya rubuta ta a matsayin abin da ake son bincikawa, sai fa in ya ga sakamakon gwajin da idonsa a cikin fayil.

Haka nan MP + ba ta wuce cewa an ga ƙwayoyin maleriya a jini, a mataki na ƙasa na ma'aunin da ɗakin gwaji ke amfani da shi. Ba ta ce "ƙaramar maleriya" ba. Tsananin ciwo likita ke yanke shi daga yanayin majiyyaci, ba daga yawan alamar tarawa kaɗai ba. Son a kyautata rubutu, a sa shi ya yi daɗin karatu, shi ke jawo irin wannan ƙari. Mai warwarewa yana iya sanin cewa maganin maleriyar nan ana so a sha shi da abinci mai ɗan maiƙo, amma tunda likita bai rubuta ba, ba zai saka a bakinsa ba.

RVD tana da nata sha'ani daban. A wajen likitan zuciya tana iya nufin raunin ɓangaren dama na zuciya, amma TLD da ke biye da ita haɗin magunguna uku ne na cuta mai karya garkuwar jiki, don haka ma'anar a fili take. Matsalar ita ce likitocinmu da gangan suke rubuta waɗannan haruffa maimakon sunan cutar, saboda fayil yana bi ta hannun masinja, yana kwana a kan gado, dangi masu jinya suna buɗawa. Wanda ya warware ta bai canza ma'anar likitanci ba, amma ya yaye mayafin da aka sa da niyya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta tsare sirrin majiyyaci, a shekarar kuma aka yi dokar hana nuna wariya ga masu ɗauke da wannan cuta. Saboda haka kafin a rubuta cikakken sunan sai an tambayi inda takardar za ta. Rikod ɗin cikin kwamfuta da likitoci kaɗai ke buɗewa da kalmar sirri daban, takardar da za a miƙa wa miji ko wurin aiki daban. Ta biyun ba hurumin ma'aikacin rikod ba ce. Likita ne da majiyyaciyar za su yanke abin da zai fita.

Saura layi ɗaya, kuma shi ne wanda ba ya warwaruwa: D/C CTX. Haruffan farko suna iya nufin a dakatar da magani, suna iya nufin a sallami majiyyaci. Na biyun kuma likitoci suna rubuta su a madadin magunguna daban-daban. A asibitin masu cuta mai karya garkuwar jiki, kotirimokzazol ne, wanda jama'a suka fi sani da Seftirin, ƙwayar da ake sha kullum don kariya daga cututtukan da ke samun mai raunin garkuwa. A ɗakin kwanciya kuwa sau da yawa allurar seftiriyazon ce, kuma tana cikin abin da ake yi wa mai ciwon sanyin mahaifa. A sashen ciwon daji ma akwai wani maganin da ake gajartawa haka. Wannan mata ta dace da biyun farko daidai wa daida. To me likita ya ce? A tsayar da allurar tunda za ta koma gida? A tsayar da Seftirin, wataƙila saboda ƙuraje sun fito mata? Ko a sallame ta ta ci gaba da shan Seftirin?

Kowace amsa tana da sakamako a jikin mutum. In allura ake nufi aka hana ta Seftirin, an cire mata kariya ba dalili. In Seftirin ake nufi saboda jikinta ya ƙi shi, aka ce ta ci gaba, to maganin nan yana cikin waɗanda kan jawo mummunan saluɓewar fata da baki, abin da kan kai ga rasa rai. Mai warwarewa zai duba katin magunguna na ɗakin, ya ga ko an yi mata allurar a kwana biyun nan, ya duba rahoton nas-nas ko an ambaci ƙuraje, ya duba shafukan baya ya ga yadda wannan likita ya saba amfani da haruffan. Duk wannan zai ƙarfafa zato ɗaya. Amma ko zaton ya kai tara cikin goma, wannan umarnin magani ne da za a yi aiki da shi yau, kuma likitan yana nan cikin asibiti. A nan ake tsayawa a sa alama.

Alamar da ke da amfani ba jan layi da rubuta "ba a gane ba" ba ce. Likitan da aka kai wa irin wannan zai buɗe fayil daga farko, ko ya ajiye sai ya sami sarari. Abin da ake so shi ne tambayar da za a amsa da kalma ɗaya. A rubuta haruffan yadda suke, da shafi da ranar da suka fito, a jera ma'anonin da za su yiwu, a faɗi shaidar da aka gani, kamar a ce katin magunguna ya nuna an yi allurar seftiriyazon jiya da shekaranjiya, sannan a tambaya: wanne ake nufi? A cikin kwafin kuma a bar D/C CTX yadda take, da bayanin cewa ana jiran tabbaci daga likita. Idan amsa ta zo, a rubuta wanda ya bayar da lokacin da ya bayar. Kuma tambayoyi ba darajarsu ɗaya ba. Wadda ta shafi magani, ko adadinsa, ko ɓangaren jikin da za a yi wa aiki, ana ɗaukar waya ne ko a taka a sami likita kafin majiyyaci ya fita ƙofa. Wadda ta shafi tsohon tarihi tana iya jiran takarda. Ma'aikacin da ke sa alama a kan kowace bd da tds don ya wanke kansa yana cutar da aikin, domin likitan da ya saba ganin tambayoyi ashirin marasa kan gado zai daina karanta ta ashirin da ɗaya.

Akwai wasu gajarce-gajarcen da duniya ta riga ta yanke cewa gyaransu shi ne a daina rubuta su. A 2004 hukumar da ke tantance asibitoci a Amurka ta fitar da ɗan gajeren jerin abubuwan da ta hana rubutawa a umarnin magani. Na farko a ciki harafin U ne, wanda ake sawa bayan adadin insulin. A rubutun hannu yana kama da sifiri, sai 10U ta zama 100. Abin da ya sa wannan ya fi muni shi ne sirinjin insulin na mililita ɗaya awo 100 yake ɗauka cif, don haka babu abin da zai tsayar da hannun mai allurar ya ce masa adadin ya yi yawa. Ninki goma na insulin yana iya kayar da sukarin jini har mutum ya suma. Jerin ya kuma hana rubuta 1.0, domin in ɗigon ya ɓace ta zama 10, ya hana rubuta .5 ba sifiri a gaba, domin tana zama 5. Ya hana QD, wato kullum sau ɗaya, wadda ake karantawa kamar sau huɗu a rana. Wani nazari da aka buga a 2007 ya duba rahotannin kuskuren magani sama da 600,000 daga asibitocin Amurka tsakanin 2004 da 2006, ya tarar kusan kashi 5 cikin 100 suna da nasaba da gajarta kalmomi, kuma QD ce ta fi kowace yawan fitowa.

Mu a nan od muka fi rubutawa, amma ita ma tana da tata matsalar: a sashen ido haruffan nan biyu suna nufin idon dama. Maganin ɗigawa da aka rubuta wa od, kullum sau ɗaya ne ko a idon dama ne? Sai kuma MS, wadda jerin na Amurka ya hana saboda ana rikita mofin, maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, da maganiziyam salfet. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin maganiziyam salfet shi ne maganin jijjigar masu ciki, kuma ɗakunan haihuwa na Arewa suna amfani da shi dare da rana. Adadi yakan nuna hanya, tunda shi da giram ake ba da shi, kamar giram 4 ta jijiya a karon farko, mofin kuwa da miligiram, kamar 5 ko 10. Amma g da mg harafi ɗaya ne ya raba su, a rubutun mutumin da bai yi barci ba. Sunan magani dai a rubuta shi cikakke, babu wata dabara da ta fi wannan.

Daga nan ne maganar daidaitawa take farawa. Asibiti yakan kafa kwamiti, da likitoci da nas-nas da mutanen famasi da na rikod, su tattara gajarce-gajarcen da ake rubutawa da gaske a fayilolinsu, ba waɗanda ke cikin littafi ba. Sai su fitar da jeri biyu: waɗanda aka yarda da su, kowanne da ma'ana ɗaya tak, da waɗanda aka hana. Wurin da ake kai ruwa rana shi ne inda sassa biyu ke riƙe da haruffa iri ɗaya. PTB a sashen ƙirji tarin fuka ne, a ɗakin haihuwa kuma haihuwar bakwaini ce, kuma mai ciki tana iya yin tarin fuka. In aka ba sashe ɗaya, ɗayan ba zai daina ba, sai dai a sami jerin da ke cewa abu ɗaya, fayiloli suna cewa wani. Ni dai ina ganin irin waɗannan gara a hana kowa, a ce a rubuta cikakke. Kuma akwai takardun da bai kamata gajartawa ta shiga ba sam: takardar amincewa da tiyata, takardar sallama da ake ba majiyyaci, takardar turawa wani asibiti, da duk inda ake faɗin dama ko hagu. A Birtaniya, ƙungiyar kwalejojin likitoci ta ba da shawara a 2018 cewa a riƙa rubuta wasiƙun asibiti kai tsaye ga majiyyaci, a kuma bar irin su bd a rubuta "sau biyu a rana" da harshen da zai gane.

Kuskuren da ake yawan yi bayan an fitar da jeri shi ne a ɗauke shi a auna tsofaffin fayiloli da shi. Jerin da aka amince da shi a bana yana faɗin abin da haruffa za su nufa daga yau. Bai san abin da likita ya nufa shekara takwas da suka wuce ba. Wanda ya umarci kwamfuta ta bi dubban fayiloli ta maye kowace PTB da tarin fuka ya daidaita rubutu, amma ya ɗora wa matan da suka haifi bakwaini cutar da ba su taɓa yi ba, kuma ya yi hakan cikin tsabtataccen rubutun da ba wanda zai zarga. Wannan shi ne illar warwararren rubutu: mummunan rubutun hannu yana sa mai karatu ya yi hattara, bugaggen rubutu kuwa gaskata shi ake yi. Hanyar gano irin wannan ɓarna ita ce a riƙa zaro wasu fayiloli ba tare da zaɓe ba, wani likita ya gwada kwafi da asali, yana neman abu uku musamman: alamar "babu" da ta ɓace, zargin da ya zama tabbaci, da cutar da ba ta dace da shekaru ko jinsi ko magungunan mai fayil ɗin ba.

Iyaka ma tana da nata tarko. Majiyyata suna tsallakowa daga Maraɗi da Damagaram zuwa Katsina da Kano da takardun da aka rubuta da Faransanci. A can GE gwajin jini ne na maleriya, don haka GE+ na nufin an ga ƙwayoyin cutar. A Nijeriya GE gudawa da amai ce. Awon jini kuma a can sau da yawa ana rubuta shi 12/8, wanda shi ne 120/80 a ma'auninmu, sukarin jini kuma da giram a lita. Wanda zai warware irin wannan takarda sai ya fara tabbatar da ƙasar da aka rubuta ta, in kuma ya juya ma'auni ya bar lambar asali a gefe.

Wani lokaci marubucin ba ya samuwa. Likita mai horon shekara ɗaya ne ya gama ya tafi, ko ɗan bautar ƙasa ne da ya koma garinsu, ko takardar daga wani asibiti ta zo ba lambar waya. A nan haruffan suna zama yadda suke, da ma'anoninsu masu yiwuwa a gefe, kuma alamar ba ta sauka. Likitan da majiyyaci ke gabansa yanzu shi zai yanke, ba ta hanyar cankar abin da wancan ya nufa ba, sai ta sake tambaya da sake dubawa, ya rubuta sabon umarni da sunansa. A misalin matar nan, tambayoyi uku za su yi aikin: an yi miki allura a kwanciyar nan, ƙuraje sun fito miki, an ce ki daina shan wata ƙwaya? Shi ya sa nas ke cewa, "Hajiya, in za ki dawo ki zo da duk magungunanki a kwalayensu." Kwalin yana ɗauke da cikakken suna da ƙarfin maganin. Majiyyaci kuma yana da haƙƙin ya ce wa mai ba da magani ya karanta masa takardar, ya faɗi sunan kowace ƙwaya, da sau nawa za a sha, da kwana nawa, ya rubuta a jikin leda da kalmomi. In abin da ya faɗa ya saɓa da abin da likita ya faɗa a ɗakin dubawa, a koma wajen likitan da takardar kafin a sha ko ɗaya.